Yadda Za Ka Mayar da Furojet ɗin Haɗa Sinadari Fosta Guda Ɗaya don Ranar Baje Kolin Binciken Ɗalibai

Alƙalin da zai tsaya gaban fostarka a ranar baje koli yana da wasu fostoci da yawa da zai duba, kuma 'yan mintuna kaɗan zai ba ka. Idan aikinka na haɗa sinadari ne, tambayoyi uku ne a ransa tun kafin ya buɗe baki: me ka haɗa, ta wace hanya, kuma mene ne shaidar cewa abin da ke cikin kwalbarka shi ne abin da ka ce? Duk abin da ke kan fostar da bai taimaka wajen amsa ɗaya daga cikin ukun nan ba, wuri kawai ya cinye. Wannan jagora za ta bi aiki guda ɗaya daga littafin ɗakin gwaji har zuwa shagon bugawa, irin aikin da ɗaliban shekarar ƙarshe a sashen kimiyyar sinadarai suke yawan ɗauka a Jos da sauran jami'o'inmu.

Aikin shi ne wannan. Ɗaliba ta haɗa salisilaldehaid da anilin a cikin etanol, ta samu wani sinadari rawaya daga dangin da ake kira da sunan Hugo Schiff, masanin da ya fara bayyana irinsu a 1864. Alamar wannan dangi ita ce haɗin C=N, wanda yake samuwa idan aldehaid ya gamu da amin, ruwa ya fita. Daga nan ta ɗauki wannan rawayan sinadari a matsayin ligan, wato abin da ke kama ƙarfe, ta haɗa shi da asitet na jan ƙarfe, ta samu gari mai launin ƙasa-ƙasa. Ta auna zafin narkewa, ta aika samfuri an yi mata FTIR, ta gwada ligan ɗin da garin a kan ƙwayoyin cuta iri biyu. Nauyin abin da ta samu da lambobin FTIR da za ka gani a ƙasa na misali ne, na zaɓe su a cikin iyakar da aka saba gani ga wannan sinadari. Kai naka za ka sa.

Jimla ɗaya kafin ka taɓa kwamfuta

Rufe kundin furojet ɗin, ka ɗauki takarda, ka rubuta jimla ɗaya da ke faɗin abin da ka samu. Abin da ka yi niyyar yi ba ya cikin wannan jimla. Ɗalibarmu za ta rubuta: "Na haɗa ligan daga salisilaldehaid da anilin da kashi 82 cikin 100, na haɗa shi da Cu(II) da kashi 70 cikin 100, kuma FTIR ya nuna naitirojin na C=N ya kama jan ƙarfen." Idan jimlar ta ƙi fitowa, matsalar ba ta fosta ba ce, ba ka gama fahimtar sakamakonka ba, kuma gara ka koma wurin malamin da ke duba aikinka tun yanzu.

Daga wannan jimla take yake fitowa. Taken kundi yakan yi layi uku, yana farawa da haɗawa da tantancewa da nazarin kaza da kaza. Na fosta ya tsaya a layi biyu, ya ambaci sinadarin da ƙarfen, in da hali ya faɗi sakamakon. Da Turanci za a rubuta fostar a mafi yawan sassa, amma gwajin ɗaya ne: ka faɗa wa abokin ɗakinka taken da Hausa, in ya gane abin da ka haɗa, ya yi. A ƙarƙashinsa sunanka, sunan malaminka, sashe da jami'a. Kada sunan malami ya hau fosta bai ga abin da ke cikinta ba.

Zanen haɗin shi ne tsakiyar fostar

Mai ilimin sinadarai yana karanta zane kafin rubutu. Saboda haka zanen haɗin ya samu wuri mafi kyau, daidai tsayin ido, da faɗin da ya kai santimita 35 zuwa 40 a kan fosta mai girman A0. Ka zana shi da kanka a ChemDraw idan sashenku yana da shi, ko ChemSketch wanda yake da nau'in kyauta. Hoton da aka yanko daga wata maƙala yakan fashe idan aka faɗaɗa shi, kuma sau da yawa yana ɗauke da sharuɗɗan aikin wani, ba naka ba.

Ka ba kowane sinadari lamba mai kauri: salisilaldehaid 1, anilin 2, ligan 3, haɗin jan ƙarfe 4. Daga nan har ƙarshen fostar da lambobin za ka kira su, a teburi da hotuna da kammalawa. Wannan kaɗai yana rage kalmomi da yawa, kuma mai karatu ba zai ɓace ba. A saman kibiya ka rubuta abin da aka zuba, a ƙasanta sharuɗɗan, a ƙarƙashin abin da aka samu kason da ya fito. Ga yadda bayanin zai kasance:

```
1 + 2  →  3 + H2O      EtOH, reflux, 2 h, 82%
2 (3) + Cu(OAc)2·H2O  →  4      EtOH, reflux, 1 h, 70%
```

A nan akwai abin da ya shafi Jos kai tsaye. Littattafai suna cewa etanol yana tafasa a digiri 78, amma wannan a gaɓar teku ne. Jos tana sama da mita 1,200, nauyin iska ya ragu, don haka etanol yana tafasa a wajen digiri 74 zuwa 75, ruwa kuma a wajen 96. Ɗalibin da ya rubuta cewa ya tafasa etanol a digiri 78 a ɗakin gwaji na Jos ya kwafo lambar ne, bai auna ba, kuma malamin da ya daɗe a garin zai gane. Ka rubuta cewa an bar shi yana tafasa a ƙarƙashin bututun sanyaya tururi na awa 2, ko ka sa abin da ma'aunin zafinka ya nuna. Zafin narkewa kuwa tsayin gari ba ya canza shi yadda za ka lura, don haka ba za ka fake da wannan ba idan naka ya kauce.

Idan ka gama zanen, ka kwafe shi zuwa PowerPoint ta Paste Special, ka zaɓi Picture (Enhanced Metafile). Haka layukan za su fito tas komai girman da ka ba su. Ka duba harufan atom, su O da N da Cu, su yi kusan girman rubutun jikin fostar.

Tunda zanen ya ɗauki sharuɗɗa, sashen hanyar aiki ba ya bukatar fiye da jimloli huɗu ko biyar: nawa aka auna, yaya aka tace, da me aka sake wanke ƙwayoyin, yaya aka busar. Jerin kayan gilashi da sunayen kamfanonin da aka sayo sinadarai su zauna a kundi.

Kason da ya fito, da lissafinsa

Wannan ce lambar da alƙali zai iya bincika a tsaye da wayarsa, don haka ka sake lissafa ta daga littafin ɗakin gwaji, kada ka ɗauko daga kundi. Ɗalibarmu ta auna milimol 10 na kowane ɗaya: giram 1.22 na salisilaldehaid da giram 0.93 na anilin. Nauyin mol na ligan 197.2 ne, don haka iyakar abin da zai iya fitowa giram 1.97 ne. Ta samu giram 1.62 bayan ta sake narkar da shi a etanol ta bar shi ya fito da ƙwayoyi.

```
1.62 / 1.97 × 100 = 82%
```

A mataki na biyu ake yawan zamewa. Ligan biyu ne suke kama jan ƙarfe ɗaya, kowannensu ya saki haidirojin na OH. Ta sa milimol 4 na ligan, wato giram 0.79, da milimol 2 na asitet, wato giram 0.40. Abin da zai fito milimol 2 ne, nauyin mol ɗinsa 456, iyaka ke nan giram 0.91. Ta samu 0.64, kashi 70 cikin 100. Wanda ya yi lissafi da milimol 4 zai samu 35, ya shiga neman dalilin da aikinsa ya lalace alhali bai lalace ba. Wanda kuma ya manta da ruwan da ke cikin gishirin jan ƙarfen, ya yi amfani da nauyin mol na busasshe, awonsa ya kauce tun daga sikeli.

Idan kasonka ya haura 100, samfurin bai bushe ba ko akwai datti a ciki. Kada ka rage lambar da hannu. Ka busar, ka sake aunawa, ko ka rubuta cewa nauyin ɗanyen samfuri ne. Kuma a kan fostar ka faɗi ko kason na kafin tacewa ne ko na bayanta, domin 82 bayan tacewa ya fi 95 na ɗanye daraja.

Wannan ligan yana narkewa a wajen digiri 50 zuwa 52. Zafin ya yi ƙasa sosai, shi ya sa yakan fito kamar mai a ƙasan kwalba kafin ya daskare, kuma wanda ya sa shi a tanda don ya bushe zai tarar da ruwa rawaya. A fosta ka rubuta tazarar da ka gani, misali 49 zuwa 51, ka sa ta littafi a gefenta. Lamba ɗaya tilo ba ta gaya wa kowa komai game da tsabta. Tazara mai faɗi da ta faro ƙasa, kamar 42 zuwa 48, tana nuna saura anilin ko etanol a ciki. Shi kuma haɗin jan ƙarfe, idan ya yi baƙi ya ruɓe maimakon ya narke, abin da ka gani za ka rubuta.

Shaidar FTIR: inda fosta take tsayawa ko ta faɗi

Abin da aka fi gani shi ne hotunan sifektiram uku ko huɗu, an ɗauke su da waya daga takardar da injin ya buga, an matse su a kusurwa, lambobi sun hau kan juna. Ba wanda zai iya karanta su, kuma ko da zai iya, ba a nuna masa inda zai duba ba. Wannan yana ba ni takaici, domin kuɗi da wahalar ɗalibi mafi yawa a nan suka tafi.

Ka nemi wanda ya yi maka gwajin ya ba ka fayil na lambobi, CSV ko makamancinsa, tun ranar da ka kai samfuri. Da shi za ka zana layukan 1 da 3 da 4 a hoto ɗaya cikin Excel ko Origin, ɗaya a saman ɗaya, kowanne da launinsa. Ka juya layin ƙasa ya tafi daga babbar lamba zuwa ƙarama kamar yadda aka saba, ta Format Axis sannan Values in reverse order. Kuma ba dole ka nuna daga 4000 har ƙasa ba. Labarin wannan aiki yana tsakanin 1800 da 1200, to ka faɗaɗa wannan yanki ya cika hoton, ka ja kibiya zuwa wurare uku kacal.

| Sinadari | Abin da ake dubawa | cm⁻¹ |
|---|---|---|
| 1 | C=O na aldehaid | 1665 |
| 3 | C=N | 1617 |
| 4 | C=N bayan ya kama Cu | 1607 |

Hujjar tana da matakai biyu, kuma haka za ka faɗe ta. Na farko: alamar C=O ta 1665 ta ɓace a 3, tagwayen alamun N–H na anilin da ke tsakanin 3300 da 3500 su ma babu su, sabuwar alama ta fito a 1617. Ɓacewar tsohuwar tana da nauyi daidai da fitowar sabuwa, shi ya sa ake son sifektiram na abin da aka fara da shi a hoton. Na biyu: a 4 alamar C=N ta sauka da 10, domin naitirojin ya ba jan ƙarfe rabon lantarkinsa, haɗin ya ɗan yi rauni. Idan fayil bai samu ba, sai takarda kawai, ka yi mata sikanin mai kyau, ka yanke yankin da ake bukata, ka rubuta lambobin da kanka a PowerPoint da manyan harufa.

Akwai kurakurai uku da alƙali mai ido yake kamawa a nan. Na farko, motsin da bai kai a kira shi motsi ba. Yawancin gwaje-gwajen yau da kullum ana yin su ne da ratar 4 cm⁻¹, don haka daga 1617 zuwa 1615 ba shaida ba ce. Ka duba takardarka, ratar tana rubuce a jikinta ko a saitin injin.

Na biyu, alamar Cu–N da Cu–O. Waɗannan suna fitowa ne ƙasa da 600. Injuna da yawa da ake ɗora samfuri kai tsaye a kansu suna tsayawa a 650. Ɗalibi sai ya kwafo daga maƙala cewa an ga Cu–N a 520, alhali hoton da ya liƙa a gefe ya ƙare a 650. Idan naka bai sauka can ba, cire wannan layi daga teburin gaba ɗaya.

Na uku, OH. A ligan 3 haidirojin na OH yana riƙe da naitirojin ɗin da ke kusa da shi a cikin ƙwayar, saboda haka alamarsa takan zama shimfiɗaɗɗiya mai rauni, ta gangaro ƙasa da inda ake tsammani, wani lokaci da ƙyar ake ganinta. Babban kwari a wajen 3400 yawanci danshi ne a samfurin ko a KBr. Idan ka gan shi a 4, kada ka yi saurin cewa ruwa ya kama jan ƙarfen. FTIR shi kaɗai ba zai raba maka ruwan da ya kama ƙarfe da na rashin bushewa ba.

Daga nan sai maganar siffa. Zanen 4 da za ka sa, jan ƙarfe a tsakiya da naitirojin biyu da oksijin biyu kewaye da shi, ka rubuta a ƙarƙashinsa cewa siffar da ake zato ce. Zafin narkewa yana nuna cewa an samu sabon abu, FTIR kuma yana nuna cewa ligan ya kama ƙarfe ta naitirojin. Ba sa tabbatar da cewa biyu ne suka kama ɗaya, kuma ba sa nuna yadda aka jera su a sarari. Wannan yana bukatar auna yawan jan ƙarfen ko na C, H da N, da awon maganaɗisu, da UV-Vis, tabbaci na ƙarshe kuma sai hoton ƙwayar da hasken X. Idan an yi maka NMR na ligan, alama ɗaya a wajen 8.6 ta CH=N da wata a wajen 13 ta OH sun fi FTIR ƙarfi, ka ba su wuri babba. Ga 4 kuwa NMR na yau da kullum ba ya ba da hoto mai amfani, domin Cu(II) yana da lantarki ɗaya marar abokin zama da ke baza alamun.

Gwajin ƙwayoyin cuta, idan ka yi shi, hoto ɗaya na sanduna ya isa. Amma ya ɗauki abin da aka narkar da samfurin a ciki shi kaɗai, misali DMSO, da maganin da aka gwada da shi kamar sifurofulokzasin, da gishirin jan ƙarfen shi kaɗai, domin jan ƙarfe da kansa yana kashe ƙwayoyin cuta. Ka faɗi faɗin ramin da aka huda da yawan maimaici. Da'ira mai milimita 8 a kewayen rami mai milimita 6 ƙaramin tasiri ne, kuma kalmar "magani" ba ta da wuri a kammalawarka.

Shimfiɗa shafin

Ka tambayi masu shirya taron girman allo da ko a tsaye ake so ko a kwance kafin ka fara. A0 santimita 84.1 ne da 118.9, A1 kuma 59.4 da 84.1. A PowerPoint ka shiga Design, sannan Slide Size, sannan Custom Slide Size, ka sa girman gaskiya tun farko. Fostar da aka tsara a ƙaramin shafi aka ja ta daga baya ita ce take fitowa da hotuna a dagule.

A fosta mai tsayuwa ginshiƙi biyu sun isa, zanen haɗin ya ratsa su duka a sama. Gabatarwa jimla uku ko huɗu, ta ƙare da abin da ka sa a gaba. Sakamako ya ci fiye da rabin shafin. Kammalawa jimla uku, kowacce da lamba a cikinta, kuma ta zauna inda ba sai an durƙusa ba. Duka rubutun ya tsaya a kalmomi 400 zuwa 600. Manazarta uku sun isa, da layin godiya ga ma'aikatan ɗakin gwaji da wurin da aka yi maka FTIR. Taƙaitaccen bayani na farkon kundi kada ya hau sai in masu taron sun wajabta, tunda fostar kanta taƙaitawa ce.

Take ya kai girman 80 ko fiye, kanun sassa wajen 44, jikin rubutu kada ya gaza 28, bayanin hotuna kada ya gaza 24. Arial ko Calibri, baƙi a kan fari. Kan kowane hoto ya faɗi abin da hoton ya nuna: maimakon "Sifektiram na FTIR", ka rubuta "C=O ya ɓace, C=N ya fito a 1617, ya sauka zuwa 1607 a 4". Wanda ya karanta kanun hotunanka kaɗai ya kamata ya tafi da labarin duka.

Hoto ɗaya na waya yana da amfani sosai: kwalabe biyu a jere a kan farar takarda kusa da taga, rawayan ƙwayoyin 3 masu sheƙi a hagu, garin 4 mai duhu a dama, kowacce da lambarta. Mutanen wasu sassa da ba su san FTIR ba a nan za su tsaya. Idan zai kai faɗin santimita 20 a fosta, ya kasance yana da aƙalla ɗigo 1,200 a faɗinsa, kuma kada ka turo shi ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yana matse shi. Ka aiko shi a matsayin fayil.

Gwaji mafi sauƙi shi ne ka buga fostar a A4. Tsawon A4 kashi ɗaya cikin huɗu ne na A0, don haka rubutu mai girman 28 zai koma 7. Ka riƙe takardar a nisan hannu. Abin da ba ka iya karantawa a nan, ba za a karanta shi daga nisan taku biyu a zaure ba. Wannan takardar za ka kai wa malaminka ya yi gyara da biro.

Shagon bugawa

Mafi yawan masu bugawa a gari sun saba da banar biki da ta siyasa, kuma da CorelDRAW suke aiki. Idan ka ba su fayil ɗin PowerPoint, kwamfutarsu za ta iya musanya harufan da ba ta da su, sai ƙananan lambobin H₂O su hau layi, cm⁻¹ ya koma cm-1, alamar digiri ta zama akwati. Ka kai PDF, ka buɗe shi a kwamfutarsu, ka faɗaɗa zanen haɗin da teburin a gabansu. Ka roƙi kada a ja shi don ya cika faɗin leda, domin zoben benzin da aka ja ya daina zama mai kusurwa shida daidai, kuma shi ne abu na farko da ido zai gani.

Ledar bana tana da araha kuma ba ta yagewa, amma siraran layuka da ƙananan harufa ba sa fita a kanta kamar a takarda, tana kuma ƙyalli a ƙarƙashin fitila. Idan ita za ka yi, ka ƙara kaurin layukan sifektiram zuwa 2.5 ko 3, ka guji rawaya a kan fari. Ka ce a fara buga maka ɗan yanki mai ɗauke da hoton FTIR kafin a saki duka. Ka je kwana uku kafin taro, saboda wuta da layin 'yan ajinku da duk za su zo a daren ƙarshe. A naɗe ake ɗaukar fosta, hoton yana ciki, kuma in damina ce ka sa ta a leda ko bututun roba kafin ka hau keke. Ka zo da fil da salatif naka.

Tsayuwa a gabanta

Ka shirya bayanin minti biyu da zai bi yatsanka: take, zanen haɗi, kwalabe, FTIR, kammalawa. Kada ka karanta daga allon. Ka tsaya a gefe, ba a gaban zanen ba. Littafin ɗakin gwaji da cikakkun takardun sifektiram su kasance a jakarka, domin wanda ya ce a nuna masa yankin da ka yanke.

Tambayar da ta fi zuwa a irin wannan aiki ita ce wadda teburinka bai rufe ba. Farfesa zai nuna zanen 4 ya ce, "'Yata, ta yaya kika san ligan biyu ne a kan jan ƙarfen nan?" Amsar da ta dace da abin da ɗalibarmu take da shi ita ce: "Ranka ya daɗe, biyu da ɗaya na auna na zuba, kuma haka aka ruwaito ga wannan ligan da Cu(II). Abin da FTIR ya nuna mini shi ne naitirojin ya kama ƙarfen. Yawan jan ƙarfen ban auna ba, shi ya sa na rubuta siffar da ake zato. In ligan biyu ne, ya kamata jan ƙarfe ya zama kusan kashi 13.9 cikin 100 na nauyin, kuma wannan awon ne mataki na gaba."

Wannan lamba daga raba 63.5 da 456 ta fito. Ka lissafa irinta ga naka sinadarin tun a gida, ka sa ta a layin ƙarshe na kammalawa a matsayin aikin da ya rage, tare da hanyar da za a bi a auna ta, ko ta titireshan da EDTA bayan an narkar da samfurin a asid, ko ta injin AAS idan akwai shi kusa.